Hoton ɗana a tsaye ya tayar da ƙura a gida: bakan ƙuruciya ne ko riket?

Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari yana da shekara 1 da wata 9. Ya fara tafiya yana wata 13, yanzu har gudu yake yi, amma ƙafafunsa kamar baka. Mahaifinsa yana aiki a kudu, na tura masa hoton yaron a tsaye, shi kuma ya sa a zauren WhatsApp na danginsu. Ƙanwar maigidan ta ce riket ne, wato ciwon laushin ƙashi, uwar mijina ta ce yawan goyona ne ya lanƙwasa shi, a kai shi wurin maɗori. Maigidan ya kira yana faɗa wai na yi sakaci. Na yaye shi yana wata 16 saboda na samu ciki, koko da tuwo yake ci, madara sai jefi-jefi. Ga hoton nan na haɗo. Don Allah ki duba ki faɗa min gaskiya, kwana uku ke nan ba na barci.

Wata uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya mana shi, ya sauke ki lafiya. Na buɗe hoton, na ƙara masa girma, na daɗe ina kallo. Abin da na fara gani shi ne yaro mai kumari yana dariya, sanye da famfas da ya cika, ya buɗe ƙafafu, yatsunsa suna kallon juna, gwiwarsa ta ɗan durƙusa kamar mai shirin zabura, ke kuma kin ɗauke shi kina tsaye, wayar tana kallon ƙasa. Duk yaron da aka ɗauka a haka sai ƙafarsa ta fi yadda take lanƙwasa. Famfas yana raba cinyoyi. Gwiwa idan ta durƙusa kuma ta juya waje, sai lanƙwasar gwiwar ta fito a hoto kamar lanƙwasar ƙashi. Ɗauka daga sama kuwa tana gajarta ƙafa ta ƙara mata zagaye. Saboda haka gaskiyar da kika nema ita ce: wannan hoton ya nuna akwai baka, amma bai isa ya nuna girmansa ba, balle ya faɗi dalilinsa. Ni da na shekara da shekaru ina duba yara ba zan yanke hukunci da shi ba, ƙanwar maigidanki ma ba za ta iya ba.

Bari in fara da abin da zai sa ki samu barci yau. Kusan kowane jariri da ɗan baka ake haihuwarsa, saboda yadda ya naɗe a ciki. Ba a cika lura ba sai ya miƙe tsaye, shi ya sa iyaye suke zaton tafiya ce ta kawo. Bakan yakan fi fitowa tsakanin shekara 1 da shekara 1 da rabi, sannan ya fara miƙewa da kansa, zuwa wajen shekara 2 ƙafa ta daidaita. Daga nan ma sai ta zarce ɗaya ɓangaren, wajen shekara 3 zuwa 4 ki ga gwiwoyi suna gugar juna, a fara cewa yaro ya yi gwame, a sake wani sabon tashin hankalin. Sai wajen shekara 7 ƙafa take tsayawa a siffar da za ta zauna. Ɗanki yana cikin shekarun da baka ba abin mamaki ba ne. Ya yi tafiya a kan lokaci, yana gudu, kuma iyakar abin da hoton ya bari na gani, ƙafafun biyu lanƙwasarsu ɗaya. Waɗannan duka alamu ne masu kwantar da hankali, kuma da za a ce in yi hasashe, na fi karkata ga cewa bakan ƙuruciya ne.

Amma ba zan ce ki naɗe hannu ba, kuma dalilina ba ya cikin hoton, yana cikin ƙarshen wasiƙarki, wato abincinsa. Zan dawo kansa.

Da farko ki sake ɗaukar hoton yadda zai yi amfani. Ki cire masa famfas da wando, ki tsayar da shi ba takalmi a kan siminti, bayansa kusa da bango. Wani ya riƙe masa hannu. Ki haɗa idon sawunsa biyu su taɓa juna, gwiwoyi a miƙe, sannan ki tabbatar ƙoƙon gwiwarsa yana kallon gaba sak. Wannan na ƙarshen shi ne wanda kowa yake mantawa. Yara da yawa ƙashin ƙwaurinsu a ɗan murɗe yake zuwa ciki, sai yaro ya juya gwiwa waje don ƙafarsa ta kalli gaba, sai a ga baka inda murɗiya ce kawai. Da kin juyo ƙoƙon gwiwar gaba, wani lokaci rabin bakan sai ya ɓace a gaban idonki. Ki tsugunna, wayar ta yi daidai da gwiwarsa, ki ja baya kamar taku uku, ki ɗauka. Idan ya ƙi tsayawa, kuma na san zai ƙi, ki kwantar da shi rigingine ki yi haka nan.

Yana a hakan, ki ɗauko tef ɗin tela ki auna ratar da ke tsakanin gwiwoyinsa ta ciki, daga ƙashi zuwa ƙashi. Ki rubuta da kwanan wata a bayan katin rigakafinsa. Abin da likitocin ƙashi suke riƙewa shi ne ratar da ta wuce santimita 6 tana bukatar bincike. Amma awo ɗaya bai kai awo biyu daraja ba. Ki sake bayan wata 3, a wuri ɗaya, da tsayuwa iri ɗaya. A ce yau kin samu santimita 4, bayan wata 3 kin samu 3, to ƙafa tana kan hanyarta. Idan kuwa 4 ta koma 5 ko 6 alhali ya haura shekara 2, magana ta canza. Bakan ƙuruciya raguwa yake yi, na cuta kuwa tsayawa yake ko ya ƙaru, kuma hoto ɗaya ba ya nuna tafiyar lokaci.

Riket kuma fa, ba ciwon ƙafa ba ne. Ciwon ƙashin jiki ne gaba ɗaya. Ƙashin yaro yana tsawo ne daga bakinsa, kusa da gaɓoɓi, inda ake fara shimfiɗa guringuntsi mai taushi sannan sinadaran kalsiyam da fosfet su zo su ƙarfafa shi, kamar yadda ake jera bulo a bi da siminti. Idan kalsiyam ya yi ƙaranci, ko bitamin D da ke taimaka wa hanji ya tsotse shi ya yi ƙaranci, sai guringuntsin ya yi ta taruwa ba ya ƙarfi. Bakin ƙashi ya kumbura ya yi faɗi, jikin ƙashin kuma ya lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin yaro. Ƙafa ce take ɗaukar nauyi, shi ya sa ita ake fara gani, amma shaidar tana warwatse a sauran jiki, a wuraren da hotonki bai kai ba. Shi ya sa idan uwa ta shigo min da yaro tana nuna min ƙafa, ni hannunsa nake fara kamawa.

Ki yi hakan da kanki yau da daddare idan ya yi barci. Ki kama wuyan hannunsa, ki matsa a hankali da babban yatsa da manuni. Kitsen yara taushi gare shi, yana nutsewa. Na riket ƙashi ne mai tauri da ya yi faɗi, kamar an sa masa awarwaro a ƙarƙashin fata, kuma a hannu biyu. Idon sawu ma yakan yi haka. Sannan ki ɗaga rigarsa ki bi ƙirjinsa da yatsa daga sama zuwa ƙasa, gefe da gefen ƙashin tsakiya, inda haƙarƙari yake haɗuwa da guringuntsi. A yaro mai riket za ki ji ƙulli-ƙulli a jere kamar 'ya'yan carbi. Ki shafa maɗigarsa: yawanci tana rufewa zuwa wata 18, idan har yanzu a buɗe take sosai ki faɗa wa likita. Ki dubi goshinsa ko ya turo gaba fiye da kima, da haƙoransa ko sun yi jinkirin fitowa. Sai kuma halinsa da rana. Yaro mai riket yakan gaji da wuri, ya yi 'yar tafiya ya zauna, ya riƙa kuka a ɗauke shi, wani ya yi tafiyar agwagwa, wani ya ƙi tsayawa saboda ciwo, kuma sau da yawa ya fi sa'o'insa gajarta. Bakan ƙuruciya ba ya ciwo, ba ya hana gudu.

Na taɓa ganin yara biyu a safiya ɗaya a wani asibiti da na yi aiki, har yau ina ba ɗalibai labarinsu. Na farko ɗan wata 18, bakansa har kyanwa za ta iya wucewa ta tsakiya, kakarsa tana ta salati. Wuyan hannunsa lafiya, ƙirji lafiya, yana zagaye ɗakin yana jan labule. Muka auna muka sallame su, bayan wata 6 ya dawo ratar ta ragu da rabi. Ta biyu yarinya ce 'yar shekara 3, tari aka kawo ta yi, bakanta kaɗan ne, ba wanda ya damu da shi a gidansu. Da na kama hannunta don in ji bugun jini sai na ji faɗin ƙashin. Hoton ƙashi ya tabbatar da riket. Da hotunansu biyu aka tura zauren dangi, yaron za a ce shi ne mara lafiya.

Yanzu ga batun abinci. A ƙasashen sanyi, riket yawanci na rashin hasken rana ne, domin fata tana samar da bitamin D idan rana ta taɓa ta. Mu nan rana ba ta yi mana rowa ba, amma muna da riket, kuma an daɗe ana mamakin dalili. Binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya duba yara masu riket aka tarar kalsiyam da suke samu a abinci bai wuce kusan miligiram 200 a rana ba. Aka raba su, wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun, na tsawon mako 24. Waɗanda suka samu kalsiyam, da bitamin D ko babu, sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Wato a wajenmu sau da yawa yunwar kalsiyam ce. Yaro yana shan nono yana samun rabonsa, ana yaye shi sai ya koma koko da tuwo, kuma masara da dawa da gero kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, ga shi suna ɗauke da wani sinadari da yake riƙe ɗan wanda ke akwai ya hana hanji tsotsa. Ƙwararru na duniya sun yi matsaya a 2016 cewa yaron da ya wuce shekara 1 yana bukatar fiye da miligiram 500 a rana, wanda yake samun ƙasa da 300 kuwa yana cikin haɗarin riket. Ɗanki ya shafe wata 5 a kan irin wannan abincin, a daidai lokacin da ƙashinsa yake tsawo da sauri. Wannan ne ya sa nake so a duba shi, ko da kin taɓa hannunsa kin ji lafiya lau.

Kada ki mai da wannan abin zargin kanki. A wancan binciken na Jos, yaran da ba su da riket ma abincinsu kusan iri ɗaya ne da na masu shi. Abin da kike ba shi shi ne abin da ake ba yara a yawancin gidajenmu. Kuma gyaransa ba ya bukatar jiran likita, gobe za ki iya farawa. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo, kamar mililita 250, yana ba da wajen miligiram 300. Kofi biyu a rana sun biya bukata. Nonon da za ki saya ki tabbatar an dafa shi, kuma ki lura cewa wasu garin da ake sayarwa a ƙulle-ƙulle da sunan madara na sa wa shayi fari ne kawai, ki duba jikin leda. Idan kuɗin madara kullum ya yi nauyi, ki sayi ƙananan busassun kifi, ki ɗan soya su sama-sama, ki daka su da ƙayarsu su yi laushi, ki tankaɗe, ki riƙa zuba cokali a miyarsa ko fatensa. Kalsiyam ɗin a ƙayar yake. Miyar kuka, zogale da riɗi su ma suna taimakawa, sai dai ba sa maye gurbin madara. Ki kuma bar shi ya yi wasa a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe. Ke ma da kike da juna biyu wannan maganar ta shafe ki, ki tambaya a wurin awo ko kina bukatar ƙarin kalsiyam da bitamin D, musamman idan ba kya yawan fita rana.

Zuwa asibiti ba na gaggawar tsakar dare ba ne, amma kada ya wuce mako biyu ko uku. Ki nemi ɓangaren yara, ki tafi da katin rigakafi don a ga yadda nauyinsa yake tafiya, a auna tsawonsa. Idan likita ya duba ya ga komai daidai, zai iya cewa ku dawo bayan wata 3 zuwa 6 ba tare da wani gwaji ba, kuma wannan ba sakaci ba ne. Idan ya yi shakka, zai tura ku hoton ƙashi na wuyan hannu da gwiwa, inda riket yake bayyana ƙarara, bakin ƙashi ya buɗe kamar ƙoƙo gefensa ya yi buzu-buzu. Akwai kuma gwajin jini da za ki ga an rubuta ALP, wanda yake hawa sosai idan riket yana kan ganiyarsa. Wani abin lura: gwajin kalsiyam na jini zai iya fitowa daidai alhali yaro yana da riket, domin jiki yana kwasowa daga ƙashi ya cike jini. Kada wani ya nuna miki wannan sakamakon shi kaɗai ya ce an gama magana.

Idan ma aka ce riket ne, ba ƙarshen duniya ba ne. Ana ba da kalsiyam da bitamin D na aƙalla wata 3, sau da yawa har 6, ciwo da kasala su fara tafiya, kuma a shekarunsa yawancin ƙafafu suna miƙewa da kansu cikin shekara ɗaya zuwa biyu yayin da yake girma. Kaɗan ne suke kaiwa ga aiki, a irin asibitin ƙashi na Dala da ke Kano. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki je kemis a yi masa allurar bitamin D a kan hasashe. Yawansa yana taruwa a jiki, ya ɗaga kalsiyam na jini ya taɓa ƙoda. Kuma akwai riket na gado da na ciwon ƙoda waɗanda wannan maganin ba ya warkar da su. Idan a danginki ko na maigida akwai manya gajeru masu bakan ƙafa, ki faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.

Akwai abu na uku da ba a ambata a zauren naku ba, likitoci suna kiransa cutar Blount. Ita ba ruwanta da abinci, gefen ciki na saman ƙashin ƙwauri ne yake jinkirin girma. An fi ganinta a yara masu ƙiba da suka yi tafiya da wuri. Alamarta lanƙwasa mai kaifi dab da ƙasan gwiwa, sau da yawa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, kuma idan yaro ya taka sai ki ga gwiwar ta yi tsalle waje. Kafin shekara 2 ko a hoton ƙashi da wuya a bambanta ta da bakan ƙuruciya, shi ya sa awon nan na wata uku-uku yake da amfani. Ki ɗauki ɗan bidiyonsa yana tafiya zuwa wajenki da kuma yana komawa, ya fi hoton tsaye faɗa wa likita gaskiya.

Sai mutanen gida. Hajiya ba mugunta take nufi ba, jikanta take so, kuma abin da ta taso ta ji ke nan. Amma goyo ba ya lanƙwasa ƙashi mai lafiya. Da yana yi, da duk ƙasar Hausa ba mai miƙaƙƙiyar ƙafa, ita kanta da ɗanta a baya aka goya su. Maɗori kuwa aikinsa karaya, nan ba abin da ya karye. Ɗaure ƙafar yaro da karare ko matsa ta da ƙarfi ba ya miƙar da ita, kuma ɗauri mai tsanani yana iya tare jini, na ga yaran da suka rasa gaɓa ta wannan hanyar. A nan kam kada ki sassauta. Sai dai ba ke za ki yi musu da ita ba. Ki ce mata, "Hajiya, mu fara kai shi a duba ƙashin, in ya so duk abin da aka gani sai a san abin yi," ki kuma roƙe ta ta raka ki. Kakar da ta ji bayani daga bakin likita da kunnenta ita ce za ta koma tana kare ki a cikin dangi. Kuma idan aka zo maganar dakan kifi da neman kindirmo mai kyau, ta fi ki sanin hanya, ki ba ta wannan aikin.

Ƙanwar maigida ta yi gaggawar sa wa abu suna, amma ba ta yi laifi da ta ambaci asibiti ba, ki bar ta a nan. Shi kuma maigida, faɗan da ya yi bai kyauta ba, ga ki da ciki ga reno ke kaɗai. Ina zaton tsoro ne na mutumin da yake nesa, ya ga hoto, 'yan'uwa suka yi masa caa, ba shi da abin yi sai waya. Ki bari ya huce, ki kira shi, ki ba shi abin yi: kuɗin ganin likita da na hoton ƙashi idan an bukata, da kuɗin madara na kowane wata a ware daban da na cefane. Ki faɗa masa a hankali cewa maganar sakaci ta yi miki ciwo, kuma ki roƙe shi sabon hoton da za ki ɗauka, tunda ba wando a jikin yaron, ya tsaya tsakaninku da likita, kada ya shiga zaure.

Abu ɗaya ne zai sa ki fasa jiran mako biyun nan. Idan kika ga yatsun hannunsa ko na ƙafa suna ƙandarewa, ko ya yi jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, ko numfashinsa yana wata irin ƙara, ko ya daina taka ƙafa ɗaya farat ɗaya, ku tafi asibiti a ranar. In ba haka ba, ki ɗauko tef ɗin nan gobe da safe bayan kin yi masa wanka, ki rubuto min abin da kika samu da abin da yatsunki suka ji a wuyan hannunsa.